Kowace Rana Da Nata Zancen

Bayan sama da shekara ashirin ina sayar da yadi a kan teburi, bana Allah ya nufa na kama shago a nan cikin Sabo. Na biya kuɗin hayar shekara a dunƙule, na zuba shadda da huluna da turare, sai na zauna ina jiran masu saye. Diyata ce ta ce, "Baba, yanzu kaya ba sa sayar da kansu, sai ka riƙa sa su a Status." To, na fara. Kullum in ɗauki hoto in rubuta "Sabon kaya ya iso, sai kun zo." Wata rana hoto goma sha biyu, wata rana ko ɗaya babu, don in na dawo daga jan sallar Isha'i barci ne a idona.

Mako uku ina haka, ciniki bai motsa ba. Wani aminina ɗan goro ne ya faɗa mini gaskiya a ƙofar masallaci. Ya ce, "Malam, ni fa wuce naka nake yi, don na san abin da za ka ce tun kafin in buɗe." Maganar ta yi mini zafi, amma haya ba ta jiran mai fushi.

Daren nan na tuna da Islamiyyarmu. Malaminmu bai taɓa shigowa aji yana tunanin me zai koyar ba. Yau fiƙihu, gobe hadisi, jibi tauhidi, mu ma ɗalibai mun san littafin da za mu ɗauko. Sai na ce me zai hana shago ya yi nasa jadawalin? Na samo littafin rubutu na yara, na ja layi bakwai, na fara daga Asabar kamar yadda makon allo yake farawa.

Abin da na fara tambayar kaina shi ne, a kowace rana me ke zuciyar mutanen unguwar nan? Asabar a Ibadan ranar biki ce, namu da na maƙwabtanmu Yarbawa, mutane suna kallon suturar juna. Sai na ba ta anko. Lahadi mutane na gida, suna da lokacin karatu, na ba ta koyarwa, babu talla. Litinin farashi. Talata ragowar yadi da kayan rangwame. Laraba tunatarwa ce ga mai son sabon ɗinki, domin wanda bai kai wa tela yadi da wuri ba ya san abin da zai biyo baya. Alhamis hula da turare, saboda gobe Juma'a. Juma'a kuwa gaisuwa kawai, da sanarwar cewa shago na rufe daga kiran sallah har a sauko.

Jadawali kaɗai bai isa ba, sai an gyara rubutun da ke ƙarƙashin hoto. Na sa wa kaina doka: hoto ɗaya ko biyu a rana, magana kada ta wuce layi uku, kuma abin da ya fi muhimmanci ya zo a layin farko, domin doguwar magana wayar kan yanke ta, ba kowa ke taɓawa ya karanta sauran ba. Ga na Alhamis ɗin farko: "Gobe Juma'a. Akwai Zanna Bukar da kube, lamba 22 zuwa 24. In ba ka san lambarka ba, zo a auna ka kyauta." Ka ga akwai dalilin ranar, akwai sunan kaya, akwai abin da mutum zai yi. Wannan layin na aunawa shi ya kawo mini mutum huɗu, uku suka sayi hula.

Na Lahadi ya fi ba ni mamaki. Na rubuta cewa babban mutum yadi biyar kan ishe shi kaftani da wando, amma in da babbar riga ne ya nemi goma, kuma ya tambayi telansa kafin a yanka. Ban ambaci kuɗi ba ko kaɗan. Sai ga mata suna aiko saƙo, masu son yi wa maigida ko ɗa ɗinki ba tare da ya sani ba. Ashe tambayar da nake amsawa a bakin teburi shekara da shekaru ita ce jarina. Yanzu duk tambayar da aka yi mini sau biyu a shago, sai in rubuta ta a bayan littafi, ta zama ta wata Lahadin.

Talata ce ta gwada ni. Ina da wata farar shadda yadi huɗu da rana ta ɗan dafa gefenta. A hoto ba a gani. Ni da nake tsayawa gaban mutane ina cewa ɓoye aibin kaya haramun ne, ya zan yi? Na ɗauki hoton daidai wurin, na rubuta: "Yadi huɗu, gefe ɗaya ya ɗan canza launi kamar faɗin tafin hannu, ga shi a hoto. Na rage kuɗinta. Za ta yi wa yaro." Kafin La'asar wani tela ya ɗauke ta. Tun daga nan dokar Talata ita ce aibi a layin farko.

Na yi kuskure kuma, gara in faɗa. Da na ga daɗin rubuta na mako gaba ɗaya a zama ɗaya bayan Asubar Asabar, sai na haɗa har da farashi. A mako na uku kaya suka tashi a wurin masu sari, ni kuwa na sa tsohon kuɗi ranar Litinin ban duba ba. Wani bawan Allah ya zo da hoton rubutuna a wayarsa. Status kan ɓace bayan awa 24, amma abin da mutum ya adana ba ya ɓacewa. Na sayar masa a yadda na rubuta, na ci asara, domin magana zarar bunu ce. Yanzu ina barin gurbin kuɗi a buɗe, sai safiyar Litinin in cike, in ƙara da "farashin yau ne."

Sauran abu biyu. Na farko, Status ɗinka ba ya zuwa sai ga wanda ka adana lambarsa shi ma ya adana taka. Don haka duk wanda ya shigo shago, ina roƙonsa mu yi musayar lamba, in ya yarda. Na biyu, kada yawan masu kallo ya ruɗe ka. Gaisuwar Juma'a ta fi kowace rana masu kallo, amma ba ta sayar da ko maɓalli. Ma'aunina shi ne tambayar da nake yi wa mai saye: "Ina ka gani?" Sai in ja ɗan layi a gaban ranar. Bayan wata guda na ga Alhamis da Lahadi sun cika, Laraba kuwa fayau. Dalili a fili yake, telolinmu ba sa gama ɗinki a kwana biyu. Na mayar da tunatarwar ɗinki Litinin tare da farashi, Laraba kuma na ba kayan yara.

Jadawali ba wahayi ba ne. Ranar da aka yi rasuwa a unguwa ba na sa komai, kuma in azumi ya kama dole a sake shi. Mai sayar da hatsi ko mai gyaran waya ba zai kwafi nawa ba, nasa mutanen da nasu makon. Amma littafin nan na yara ya raba ni da zaman zuru da waya a hannu ƙarfe goma na dare. Jiya aminina ɗan goro ya leƙo, ya ce, "Malam, yau Alhamis, ina hular tawa?" Allah ya sa albarka a neman kowa.