Abin da hannu yake tambaya a rumfar baduku

A da, mai sayen takalmin fata a Kasuwar Kurmi ba ya jiran baduku ya yaba masa kaya. Ɗauka yake yi ya lanƙwasa tafin gida biyu. In ƙirgin saniya ne da ya jemu, zai koma yadda yake ba tare da tsagewa ba. Sai ya sunsuna. Fatar da ta sha bagaruwa tana da ƙamshinta, wadda aka yi wa jimar gaggawa kuwa ƙarni take yi, kuma da damina ta faɗi za ta tona asirin majemi. Daga nan ya juya takalmin, ya ja hancin da ƙarfi, don nan ne yake fara tsinkewa. In ƙafar mutum ba ta dace da na rumfa ba, a ɗora ta a kan kwali a zana, ya dawo wani makon.

Wannan sana'a ba ta jiya ba ce. Da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa takalman birnin suna kaiwa har arewacin Afirka. Fatake ne suke kai su, amma can ma sai an taɓa ake biya.

Yanzu jikokin dukawan nan a waya suke ciniki, mai saye yana Legas ko Yamai, ba abin da yake gani sai hoto da layi uku. Abin takaici, layin ukun kusan iri ɗaya ne ko'ina: mai inganci, mai laushi, sai ka gwada. Mai takalmin roba ma haka yake rubutawa.

Bayanin da ke sa a tura kuɗi shi ne wanda ya amsa tambayoyin da hannu yake yi a da. Ga misali: "Saman fatar jan akuyar Sakkwato ne, jimar bagaruwa. Tafin ƙirgi ne ninki biyu, an ɗinke da hannu bayan gam, in ya ci ana iya sake shi. Hancin ya ratsa tafin, an ɗinke shi ta ƙasa. Lamba 42, tsawonsa santimita 27. Auna ƙafarka da yamma, lokacin ta fi kumbura. Kwanakin farko zai ɗan matse, sannan ya saki ya bi ƙafarka. Ba ya son ruwa. In ya jiƙe a shanya a inuwa, a shafa masa mai."

Masu talla da yawa suna tsoron jimlolin ƙarshen nan, wai za su kori ciniki. Ni a ganina su ne suke hana a dawo da kaya. Wanda ba a gaya masa fata tana saki ba, zai sayi lamba 43 don ya ji daɗi ranar farko, bayan wata guda takalmin yana fita daga ƙafarsa, ya ce baduku ya cuce shi.