Yaya Ake Yi a Gidanku?

Tambaya iri biyu ce a wurin mai aikin rediyo. Akwai wadda kake yi don ka ji abin da ba ka sani ba, akwai kuma wadda ka riga ka yanke hukunci, sai ka liƙa mata alamar tambaya a wutsiya. Baƙon da ke zaune gaban makirfo yana rarrabe su tun kafin ka rufe baki, kuma da irin wadda ka yi masa zai auna abin da zai ba ka. Na shekara tara ina gabatar da shirin Hausa a wani gidan rediyo a Kumasi, amma inda wannan ilimi ya fi yi mini rana shi ne hirar mako bakwai da na yi da wata Ba'asantiya, Kirista 'yar cocin Metodis, wadda manhajar masu neman aure ta haɗa mu.

Ni ɗan zango ne, a Aboabo aka haife ni. Ita malamar makaranta ce, gidansu na Bantama. Gari ɗaya muke, kasuwar Kejetiya ɗaya muke ci, da harshen Tuwi da Turanci muke hira, duk da haka abin da kowannenmu ya sani game da cikin gidan ɗan'uwansa bai wuce jita-jitar cikin mota ba. Kwanakin farko mun yi su a kan abin da ba ya ƙona baki. Ta gaya mini sunan ranar da aka haife ta, domin Asante kowace rana da sunanta: macen da aka haifa ranar Lahadi Akosuwa ce, ta Asabar kuma Ama. Na ce mu ma haka, muna da Ladi da Asabe, ta yi ta dariya ta ce ashe kwaikwayonsu muka yi. Irin wannan hira tana da amfani, don a cikinta ne mutum yake gane ko abokin zancensa yana sauraro ko jira kawai yake a ba shi fili.

Ita ta fara kawo tambaya mai nauyi, kuma yadda ta kawo ta ya zama mini ma'auni. Ta rubuto: "Sebe, zan tambaye ka wani abu, in ba ka so ka bari." Sebe kalma ce da Asante ke sawa a gaba idan za su faɗi abin da ka iya sosa rai, kamar yadda mukan ce gafara dai. Sannan ta ce: "Kakanninka daga ina suka zo Kumasi?"

Wanda ba ɗan zango ba zai ga wannan tambaya ce ta kowa da kowa. A wurinmu tana da tabo. A 1969 gwamnatin Busia ta ba da umarnin korar baƙin da ba su da takardar zama, zanguna suka yi ta kwashewa, har yau akwai tsofaffin da ba sa son a tayar da zancen. Ko yanzu, ɗan zango da ya je neman fasfo ko katin ɗan ƙasa yakan ji an ce masa, "To amma asalinka fa?" Da ta rubuto cewa, "Kai ɗan wace ƙasa ne na ainihi?" da a nan hira ta mutu. Tata tambayar ta bar mini Ganata a hannuna, labarin tafiya kawai take nema. Sai na ba ta: kakan mahaifina fataucin goro ya kawo shi daga Kano ta hanyar Salaga, a nan ya yi aure, a nan aka binne shi. Ta ce to ai kun riga coci da yawa zuwa garin nan.

Daga ranar na kama ƙa'idar da nake bi a iska. Ba na cewa "me ya sa ku kuke yin kaza", sai dai "yaya ake yin kaza a gidanku". Ta farko tana ɗora wa mutum ɗaya lauyancin ƙabila guda, sai ya shiga kare kai. Ta biyu tana tambayar abin da ya gani da idonsa, kuma ta bar masa damar ya ce gidansu ba haka ake yi ba.

Na gwada wannan a kan makoki. Wata Juma'a ta ce gobe ba za ta samu hira ba, za su binne ƙanen kakarta wanda ya rasu wata biyu da suka wuce. Duk ɗan zango ya san maganar da ake yi a bakin shago game da wannan, cewa suna ajiye gawa a firji don su yi biki. Ni dai na ce mata Allah ya ba su haƙuri, na bari sai ranar Litinin, sannan na aika saƙon murya: "A wata biyun nan da ake jira, me dangi suke yi?" Saƙon murya na zaɓa saboda rubutu ba ya ɗaukar sautin ladabi, tambaya mai taushi takan isa can a bushe.

Ta amsa da minti shida. Bayan mako guda da rasuwa dangi kan zauna, babban dangin uwa ya jagoranci sa ranar jana'iza. Ana jiran 'ya'ya da jikokin da ke ƙasashen waje, ana gyara gidan, ana ɗinka baƙaƙe da jajayen kaya, ana raba wa kowa abin da zai kawo na kuɗi. A ranar kuma akan faɗi gudummawar kowane baƙo da lasifika, domin bashi ne da za a rama ran da nasa ya zo. Ta ce a wurinsu a binne dattijo cikin gaggawa kamar an ce ba shi da kowa ne. Sai ta juyo da ita kaina: "Ku da kuke binnewa kafin rana ta faɗi, zuciya tana samun lokacin yarda cewa ya tafi?" Na gaya mata cewa gaggawar ita ce girmamawarmu, a yi masa wanka, a sa shi a likkafani, a sallace shi, a kai shi makwancinsa, sannan zaman makoki ya biyo baya, da sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in kamar yadda aka saba a zango. Ta ce su ma suna da kwana arba'in. Ba wanda ya ja wani zuwa ra'ayinsa, amma daga ranar ban ƙara jin maganar firji a bakin shago na yi dariya ba.

Akwai masu ɗauka cewa ladabi shi ne a yi ta kewaye-kewaye, kada a taɓa abin da zai ɓata hira. A ganina wanda ya bar mace ta shekara tana sa rai, alhali akwai tambayar da ya san za ta iya raba su, ya ci amanarta ko da bai taɓa ɗaga mata murya ba. Saboda haka a mako na biyar na ce mata ina da tambayoyi biyu masu nauyi, zan yi su ɗaya bayan ɗaya, kuma ni zan fara ba da tawa amsar kafin in nemi tata. Wanda ya fara buɗe nasa buhun ba a zarginsa da leƙen na wani.

Ta farko a kan irin auren ce. A Gana hanya uku ce: auren gargajiya, auren Musulunci, da auren rajista na kotu ko coci, wanda doka ta ce mace ɗaya ce tak, namijin da ya ƙara wata a kai ya yi laifi. Na ce mata ba ni da niyyar ƙara aure, amma mahaifina mata biyu gare shi, kuma dangina za su so a ɗaura a masallaci da waliyyi da sadaki. Ta ce ita niyya ba ta ishe ta ba, takarda take so, don ta ga abin da ya sami ƙanwar mahaifiyarta. Na ce wannan zan iya sa hannu a kai. Muka wuce.

Ta biyu a kan 'ya'ya ce, kuma sai da na yi kwana biyu ina juya yadda zan faɗe ta. A wurin Bahaushe ɗa na gidan uba ne. A wurin Asante ɗa na dangin uwa ne, abin da suke kira abusuwa, kawu ɗan'uwan uwa yana da babbar murya a kansa, sarauta ma ta nan take bi: Otumfuo Osei Tutu na biyu, wanda ya hau karagar Asante a 1999, ta wajen mahaifiyarsa ya gaje ta. Ke nan ɗan da za mu haifa gida biyu ne za su ce nasu ne, kowanne da gaskiyarsa. Na ce mata ni ina so ran suna liman ya yi huɗuba, a yanka rago, yaro ya tashi yana salla. Sannan na tambaye ta: "Ran da aka haifi ɗanki na fari, me mahaifiyarki take sa ran gani?"

Ba ta amsa ba sai washegari da dare, ni kuma ban bi ta da "kina nan?" ba. A rediyo mun san shirun da ke biyo bayan tambaya mai kyau na baƙo ne, mai gabatarwa ba ya cike masa shi. Da ta dawo ta ce zancen dangi mai sauƙi ne, uba ne ke raɗa suna a wurinsu ma, yaro zai iya zuwa gida biyu ya ci tuwo ya ci fufu. Abin da ba za ta iya bari ba shi ne baftisma. A cocinsu ana yi wa jariri, ita aka yi mata, kuma ba don mahaifiyarta take faɗa ba, don kanta ne. Ta tambaye ni ko akwai hanyar da zan yarda. Na ce babu, kamar yadda ita ma babu. Na san addinina ya halatta mini auren Kirista, na kuma san gidaje a Kumasi da aka yi hakan aka zauna lafiya. Sai dai a gidajen da na sani da kyau, ɗaya daga cikin biyun ne ya sassauta a kan tarbiyyar yara, mu kuwa kowa ya faɗi iyakarsa a fili.

Mun ƙara mako biyu muna juya maganar ta kowace fuska, har na kai ta gaban yayata, ita ma ta kai ta gaban kawunta. Ba abin da ya motsa. Ranar da muka yi sallama ta ce, "Malam, na gode da ba ka ce in bari sai bayan aure mu gani ba." Na ce, "'Yar'uwa, ni ma na gode da ba ki ce mini to alhali zuciyarki na cewa a'a ba." Ya yi mini ciwo, don na so ta, kuma na daɗe ban buɗe manhajar ba.

Masu sauraro kan bugo waya a shirina na daren Alhamis, saurayi ya ce ya haɗu da 'yar Ewe ko 'yar Dagomba, budurwa ta ce wani Bafrafre ne ke nemanta, me za su tambaya. Nakan ce su fara neman izini, su yi tambaya ɗaya a lokaci ɗaya, su tambayi gidan mutum su ƙyale ƙabilarsa, kuma duk abin da ba za su iya amsawa game da nasu gidan ba kada su nemi wani ya amsa. Zancen 'ya'ya kuwa a yi shi kafin iyaye su san da maganar, tun ana iya rabuwa ba tare da an mayar wa kowa da goronsa ba.