Kaza Cikin Gashinta, Ko Kare Mai Barci?

Duk mai fassara karin magana zuwa Ingilishi yana da hanyoyi uku: ya bi kalmomi ɗaya bayan ɗaya, ko ya aro karin maganar Turawa mai kama da ita, ko ya faɗi ma'anar kai tsaye. A ganina ta biyun ta fi haɗari, domin ita ce ta fi daɗin ji.

Mu ɗauki "a bar kaza cikin gashinta". A ce dattijo ne ya faɗe ta a zaman sulhu tsakanin dangi, ana kuma rubuta rahoto da Ingilishi. Nan take tafinta zai tuna da maganar Turawa da ke cewa a ƙyale kare mai barci ya yi barcinsa. Dukansu suna nufin kada a tono magana, amma dalilinsu ya sha bamban. Ana ƙyale kare ne don tsoron cizo. Kaza kuwa ba ta cizon kowa. Idan aka fige ta, muninta ne ke bayyana. Dattijon rufin asiri yake roƙo, amma rahoton zai nuna shi kamar mai gargaɗin fitina, har wani ya karanta shi a matsayin barazana. Abin da ya fi aminci shi ne a faɗi ma'anar: kada a bankaɗo abin da zai kunyata kowa. Idan da sarari, a kawo kazar, a ƙara 'yan kalmomi da ke nuna cewa gashin sutura ne.

Akwai inda bin kalmomi ba ya haifar da komai, wato inda hikimar take cikin harshen kansa. "Ban sa a ka ba, in ji ɓarawon tagiya" ta dogara ne da harshen damo: sa abu a ka na nufin damuwa da shi, yana kuma nufin ɗora hula. Ingilishi ba shi da lafazi guda mai ɗaukar biyun, don haka dole a ɗauki ma'anar rashin damuwa, a haƙura da barkwancin.

To, yaushe fassarar kalma da kalma take aiki? Idan hoton da ke cikin maganar abu ne da kowane ɗan Adam ya sani. "Komai nisan jifa, ƙasa zai faɗo" ba ta buƙatar sharhi, domin dutse a ko'ina ƙasa yake dawowa. Haka "sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga". Musanya irin waɗannan da na Turawa asara ce, domin mai karatu zai rasa muryar Bahaushe ba tare da ya ƙaru da fahimta ba.

Gwajin mai sauƙi ne. A karanta fassarar ga wanda bai ji Hausa ba, a tambaye shi abu biyu: me ake nufi, kuma da wace niyya aka faɗa, lallashi ko gargaɗi ko ba'a? Idan ya canki na farko ya kuskure na biyu, da sauran aiki.