Hoton da ya yi kwana arba'in a hanya

A Jidda na ga auren autarmu, a wayar hannu, ina tsaye a kicin ɗin uwar ɗakina da kumfar wanke-wanke har gwiwar hannu. An ɗaura shi a Gayam cikin watan Oktoba na 2021, ban ga hoton ba sai ƙarshen Nuwamba. A lokacin gwamnatin Kaduna ta sa an katse layukan waya a Birnin Gwari saboda 'yan bindiga, an hana hawa babur, an rufe kasuwannin mako. Ban ji ɗuriyar kowa ba sai da aka maido da sabis.

Su takwas ne a hoton, na ƙirga ya fi sau ashirin. Auta na tsakiya ta rufe fuska da mayafi, lallen ƙafarta bai gama kamawa ba, alamar an cire shi da wuri. Inna ta rame. A bayansu ga gado da jeren kwanuka, kayan ɗakin da na yi shekara biyu ina tara riyal dominsu. Kayana sun je, ni ban je ba.

Inuwar mutanen ce ta tsaya mini a rai. Gajera ce, tana ƙarƙashin ƙafafunsu. Da tsakar rana ke nan aka kai amarya. A Gayam ɗin da na bari, sai bayan isha'i ake fita da ita, mata na guɗa, yara na biye da fitila. Yanzu kowa so yake ya koma gida kafin la'asar. Kuma Kawu ba ya ciki, shi da ya kamata ya ba da aurenta. Ban tambaya ba. Tsoro nake ji.

Masu cewa don me ban zo ba, ba su san zaman da ba igama ba. Wadda takardarta ta mutu, hanyarta ta gida ɗaya ce: ta shiga hannu, ta yi zaman tarhil, a ɗauki hoton yatsunta a sa ta a jirgi, ba dawowa nan kusa. In na tafi biki, wa zai aika kuɗin maganin Inna?

Na fara rubuta mata saƙo mai tsawo, na goge. Sai na danna murya na ce: "Auta, kin yi kyau. Allah ya ba da zaman lafiya, ya kawo zuriya ɗayyiba. Ki yafe wa Yaya, da ina nan ni zan wanke miki lallen nan, kuma ba zan bari a cire shi da wuri ba."

Bayan kwana uku amsarta ta shigo, daƙiƙa tara. Ta ce ta ajiye mini ankona a ƙasan akwati, ba a ɗinka ba, don ba ta san ko na ƙara jiki ba. Ba ta ambaci Kawu ba.