Takun farko na asuba

Shekarata 47, kuma 22 daga cikinsu a tsaye na yi su gaban allo a Maradi. Bara, makonni kaɗan bayan komawa lakwal a watan Oktoba, na sauko daga gado da asuba zan yi alwala, sai na ji kamar na taka ƙusa da diddigen dama. Na haska fitila na duba ƙasa, babu komai. Na duba ƙafar, babu kumburi, babu kaushi. Na ɗingisa zuwa wurin buta, kafin na isa masallaci ciwon ya lafa. Washegari ya dawo, a takun farko, a wuri guda.

Wata 4 na yi a haka. Gwaggona ta ce sammu na taka. Abokin aikina ya ce sanyi ne, na je wanzami ya yi mini ƙaho. Ni kuwa ƙwayar rage zafi na riƙa saya. Abin da ya kai ni asibiti shi ne ranar da na lura na daina zagaya aji. Ɗalibaina sun haura 70, kuma na bencin baya sai ka tsaya a kansu kake sanin ko suna rubutu. Na koma koyarwa daga kujera, littattafansu kuma suka nuna hakan.

Likitan bai ɗauki hoto ba. Ya danna babban yatsansa a ƙasan diddigena, ta ɓangaren ciki, na kusa tashi daga gadon. Sannan ya tanƙwara yatsun ƙafata sama ya ce, "Mushe, taɓa nan." Na taɓa tafin ƙafata, na ji wani abu ya miƙe kamar igiya.

Ya ce ƙasusuwan tafin ƙafa a lanƙwashe suke kamar baka, wannan igiyar kuwa ita ce tsarkiyarsa. Tantani ne mai kauri da ya taso daga ƙashin diddige ya bazu zuwa gindin yatsu. Duk takun da ka yi, nauyinka yana son baje bakan, tsarkiyar ce take riƙe shi. Idan aikin ya yi mata yawa, sai ta fara ƴan ƙananan tsagewa daidai inda ta manne da ƙashin, wurin ya yi tsami ya kumbura daga ciki.

Na tambaye shi dalilin da ya sa asuba ta fi zafi. Ya ce na lura da ƙafar mai barci: tana saki ne, yatsu su kalli ƙasa, tsarkiyar ta kwana a takure. A haka jiki yake ƙoƙarin ɗinke tsagewar cikin dare. Da ka sauko ka ɗora mata nauyinka duka lokaci guda, sai ta miƙe da ƙarfi, ɗinkin daren ya ɓalle. Bayan ƴan taku ta yi laushi, ciwon ya ragu, ka ɗauka ka warke. Shi ya sa yake dawowa idan ka tashi daga dogon zama, yake kuma dawowa da yamma bayan doguwar tsayuwa.

Dalilan kuwa, da ya lissafa sai na ga kaina. Ciwon ya fi kama masu shekara 40 zuwa 60. Ina wuni tsaye a kan siminti da takalmi mai ƙasa kamar faifai. Na ƙara kilo 8 cikin shekara 3. Ga kuma wanda ban taɓa zata ba: sharaɓata ta ɗaure. Naman sharaɓa yana riƙe ƙashin diddige ta baya da agara, tsarkiya tana riƙe shi ta ƙasa. Idan sharaɓa ta ƙi saki, idon sawu ba ya lanƙwasa yadda ya kamata, sai tafin ƙafa ya biya bashin a kowane taku.

Maganin da ya ba ni miƙa ne iri biyu. Na farko na tsarkiyar kanta. Ka zauna a bakin gado, ka ɗora ƙafar mai ciwo a kan gwiwar ɗayar. Ka kama yatsun daga gindinsu ka ja su baya zuwa ƙwauri. Da ɗaya hannun ka taɓa tafin ƙafa: idan igiyar ta miƙe, ka yi daidai. Ka riƙe daƙiƙa 10, ka saki, ka maimaita sau 10. Ana yi sau 3 a rana, kuma na asuba dole ya riga ƙafar taɓa ƙasa. Wasu likitocin ƙashi a Amurka sun buga bincike a 2003 a kan mutanen da suka kai wata 10 da ciwon, suka ga bayan mako 8 wannan miƙar ta fi miƙar agara rage zafin takun farko.

Na biyu na sharaɓa. Ka dafa bango, ƙafar mai ciwo a baya, gwiwarta a miƙe, diddige manne da ƙasa, yatsu suna kallon bango. Ka kwanto gaba har ka ji ja a sharaɓa, ka riƙe daƙiƙa 30, sau 3. Sannan ka ɗan lanƙwasa gwiwar bayan ka sake, don ja ya sauko kusa da agara.

Na yi kuskure biyu. Makon farko na riƙa fizgar yatsun da ƙarfi, ina ganin zafi shi ne alamar aiki, sai ciwon ya ƙaru. Ja ake nema, ba suka ba. Na biyu, da na ji sauƙi a mako na 3 sai na daina, cikin kwana 5 ƙusar ta dawo. Na sake daga farko, na ɗaura miƙar da lokutan asuba, azahar da isha don kada na manta. Na sayi takalmi mai laushin diddige, na daina yawo a tsakar gida ba takalmi, da yamma kuma na murza gorar ruwa mai ƙanƙara a ƙarƙashin ƙafa na minti 10. A mako na 8 ina sauka daga gado ba tare da dafa bango ba. Sai a wata na 5 ciwon ya tafi gaba ɗaya. Kusan mutum 9 cikin 10 suna warkewa ba tare da tiyata ba, amma da watanni ake lissafi.

Miƙa tana da iyaka. Idan ciwon yana tayar da kai daga barci, ko akwai kumburin da ido ke gani, ko ƙafar tana mutuwa ko zugi kamar wuta, ko kana da ciwon suga, ka je asibiti tun farko. Iyaye kuma, yaro mai shekara 8 zuwa 14 da ke kuka da diddige bayan ƙwallo, galibi wurin girman ƙashin ne ya sha wuya, ciwonsa daban ne da namu.

Yanzu na koma bencin baya. Kwanan nan na ga wata malama ta tashi daga kujerar ofis bayan taro, ta ɗingisa taku huɗu sannan ta daidaita. Na ce, "Malama, da asuba ya fi zafi ko?" Ta tsaya tana kallona, ta ce wa ya faɗa mini.