Wasiƙar da ta nemi minti 45

Wata tsohuwar ɗalibata, wadda yanzu take koyar da Hausa a wata sakandare a Gyallesu, ta kawo mini kwafin wasiƙar da ta rubuta wa shugaban makarantarsu, tana neman izinin kafa ƙungiyar karatu ta mako-mako. Ta ce, "Malam, wata biyu ke nan shiru." Da na duba, sai na ga shafi biyu ne cur na yabon karatu, amma babu rana, babu ɗaki, babu adadin littattafai. Na ce mata shugaba bai ƙi ba, ba a dai ba shi abin da zai sa wa hannu ba ne.

Abin da ya tayar mata da hankali gaskiya ne. A ajinta akwai yaran da ba sa iya kai ƙarshen shafi ba tare da sun yi ta tuntuɓe ba, alhali a garin nan aka shirya gasar 1933 da ta haifar da Ruwan Bagaja, a nan kuma aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Sai dai takaici ba ya buɗe ƙofar aji.

Muka sake wasiƙar, ta koma shafi ɗaya. Muka fara da lokaci: ranar Laraba, minti 45 bayan tashi, domin yara su isa gida kafin la'asar. Ƙungiyar da ta ci lokacin Islamiyya, iyaye ne za su rushe ta tun ba ta yi wata ba. Sannan muka taƙaita ta ga ɗalibai 30 da mako 10, don a gama kafin jarrabawar zango.

Bukatun ma muka jera su: aji ɗaya, akwatin ƙarfe da kwaɗo, rajistar aro, da kwafi 15 na Ruwan Bagaja, yara biyu a kan kowane kwafi. Da farko littattafai 30 mabambanta ta so. Na nuna mata cewa idan kowa da abin da yake karantawa, babu abin da za a tattauna. Muka kuma rubuta ƙarara cewa ba za a karɓi ko kwabo daga ɗalibi ba, kuma makullin akwati yana hannunta, ita za a tambaya idan littafi ya ɓace.

Sakin layi na ƙarshe ne ya fi ba ta tsoro. A makon farko kowane yaro zai karanta wani shafi a bayyane na minti ɗaya, a ƙirga kalmomin da ya karanta daidai, a maimaita a mako na 10 da shafi makamancinsa. Idan babu ci gaba, shugaba yana da damar karɓe ajinsa.

Ta yi shiru, sannan ta ce, "Malam, idan fa ba su ƙaru ba?" Na ce ai gara ta sani. Ranar Litinin ta miƙa wasiƙar, ni kuwa na ɗauki nauyin kwafi 5 na farko.