Mutum nawa ne za su sayi injin sola a Wurno, Rabah da Goronyo?

1/ Wani ƙanen abokina yana shirin buɗe kamfanin sayar da injin ban ruwa mai sola a gabashin Sakkwato. Ya turo min takardar da zai kai wa masu zuba jari, ya rubuta cewa kasuwarsa ta kusa naira biliyan 6. Na ce masa mu zauna tukuna. Ga abin da muka tattauna, zaren yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri.

2/ Tunaninsa dai ba na banza ba ne. Duk wanda ya bi fadamar Rima da rani ya san albasa da tafarnuwa da shinkafar da ake nomawa daga Goronyo zuwa Wurno. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500, daga baya har ta taɓa wuce 1,000. Manomin rani kuwa fetur ne jininsa.

3/ Ga yadda ya yi lissafinsa, daga sama zuwa ƙasa. Ƙidayar 2006 ta ba Wurno mutum kusan dubu 162, Rabah dubu 149, Goronyo dubu 182. Jimla dubu 493. Ya ƙara kashi 3 cikin ɗari kowace shekara zuwa 2024, ya samu wajen dubu 840. Ya raba da shida, gidaje dubu 140. Ya ce kashi 70 manoma ne, dubu 98. Ya ce ko kashi 10 kawai suka saya, mutum 9,800 ke nan. Inji ɗaya naira dubu 600. Biliyan 5.88.

4/ Lissafin bai da kuskure ko ɗaya, ku danna a waya ku gani. Amma lamba ɗaya ce kawai a ciki wani ya taɓa fita ya ƙirga, ita ma tun 2006, don ba a sake ƙidaya ba har yau. Sauran duk daga kansa suka fito. Wadda ta fi damuna ita ce "ko kashi 10 kawai". Na tambaye shi me ya sa ba 5 ba, ko 1? Ya ce ai 10 ba ta da yawa. To ka ji. Lambar da ta ɗauki nauyin kamfanin gaba ɗaya an zaɓe ta ne don tana da daɗin ji.

5/ Sannan kalmar "manomi" ta haɗiye mutane iri-iri. Mai gero da dawa a tudu manomi ne, amma damina yake jira, ba ruwansa da inji. Wanda gonarsa ke bakin kanal ɗin da ruwan dam ɗin Goronyo ke gangarowa, shi ma manomi ne, amma buɗe ruwa ake yi ya shiga gona. Dam ɗin nan yana ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 942, sai mutum ya zaci duk wannan kasuwarsa ce, alhali inda kanal ke aiki sosai nan ne aka fi ƙarancin buƙatarsa.

6/ Mai sayen da yake nema mutum ne takamaimai: wanda ke da 'yar rijiyar bututu a fadama ko gona a bakin gulbi, yana jan ruwa da inji, yana zuba fetur daga aljihunsa. Saboda haka na ce masa ya daina ƙirga mutane, ya ƙirga injuna. Nan ne lissafin ƙasa zuwa sama yake farawa.

7/ Wa ya san yawan injuna? Bakanike. Duk injin da ya yi rani guda yana aiki sai ya je hannun mai gyara, ko kafireta ta toshe ko sil ya fara yoyo. Ka bi Achida, Wurno, Lugu, Goronyo, Shinaka, Rabah, Gandi, ka rubuta sunan kowane mai gyaran inji. Kada ka tambaye shi inji nawa ne a garin, zai ce maka "ai ba iyaka". Tambaye shi nawa ya gyara a satin da ya wuce, kuma daga waɗanne ƙauyuka aka kawo su. Mutum ya fi tuna satin jiya a kan shekara.

8/ Lambobin da zan sa daga nan na gwaji ne, don a ga yadda ake ɗora tubalin. Mai son yin sana'ar sai ya cire su ya sa waɗanda ya ƙirgo da ƙafarsa.

A ce ka samu masu gyara 40, kowanne yana taɓa inji 150 a rani. Inji 6,000. Amma inji ɗaya kan je gyara sau biyu, wani ma yau Achida gobe Wurno, ga shi bakanike ba ya rasa ɗan ƙari. Cire kashi ɗaya cikin uku. Saura 4,000.

9/ Tun a nan ka tsaya ka haɗa lissafin biyu. Sama ta ce gidajen manoma dubu 98, ƙasa ta ce inji 4,000. Wato a cikin gida 25, kusan ɗaya ne ke da inji. Shi kuma ɗan'uwanmu yana sa ran sayar da 9,800, ya ninka duk injunan da ke yankin fiye da sau biyu. Amfanin yin lissafi biyu ke nan. Ba a haɗa su a raba biyu a ce an samu tsakiya. Ana bin giɓin ne har a gano wace lamba ce ta yi ƙarya.

10/ Yanzu tankaɗe. Na farko, inda za ka iya zuwa. Ba sai na faɗa wa ɗan gabashin Sakkwato halin da ake ciki ba. An kai hari Gandi a 2018, an kai kasuwar Goronyo a Oktoban 2021, akwai ƙauyukan da mutanensu suka tashi, Allah ya kawo mana ƙarshen abin. Ƙidayar 2006 tana nan tana lissafa su a inda suke a da. Ƙauyen da yaronka ba zai iya zuwa ya ɗaura inji ya koma gyara ba, ba kasuwarka ba ne bana. A ce saura 3,000.

11/ Tankaɗe na biyu shi ya fi cin lokacinmu, don a nan yawancin masu wannan tunani ke zamewa. Injin fetur mai inci uku yana iya turo lita dubu 50 zuwa 60 a awa. Ƙaramin injin sola kuwa lita 'yan dubbai yake bayarwa a awa, bai kai kashi ɗaya cikin goma ba, kuma sai rana ta take. Mai shinkafa da ke son ya cika fage da ruwa kafin hantsi ba zai ko kalle shi ba. Mai albasa ko tafarnuwa a ɗan fili, shi ne zai iya haƙuri da ruwan da ke zuwa a hankali.

12/ Sai kuma kuɗi. A ce mai ƙaramin fili yana ƙona lita 4 duk ban ruwa, sau 25 a rani. Lita 100. A naira 900, dubu 90 ke nan. Inji na dubu 600 sai ya yi rani kusan bakwai kafin ya mayar da kuɗinsa. Kun ga tarkon? Wanda injin ya isa gonarsa ba ya ƙona man da zai sa ya matsu. Wanda mai ke cin aljihunsa sosai, gonarsa ta fi ƙarfin injin. Masu sayen gaske suna tsakanin waɗannan biyun, kuma lissafin sama ba zai taɓa nuna maka su ba.

13/ Ƙara da wanda hayar fili yake, baɗi ba ya nan. Ƙara da wanda ya riga ya juya injinsa zuwa gas ɗin girki, abin da manoma da yawa a Arewa suka yi bayan cire tallafi, da kuɗi kaɗan. Ƙara da mai tsoron a kwance masa farantan sola da dare, don injin fetur a babur ake ɗaure shi a kai gida. A ce saura 2,000.

14/ Saura tambaya ta ƙarshe: cikinsu nawa za su biya? Don Allah kada ka tambayi Bahaushe "za ka saya?" Zai ce "in sha Allahu, abu ya yi kyau, Allah ya kawo kuɗi". Kara ce ya yi maka, kai kuma ka rubuta shi a jerin masu saye. Ka kai injin gona ya yi aiki a gabansu, sannan ka nemi kafin alƙalami, ko dubu 20 ce, da sharaɗin mayarwa in an fasa. Idan mutum 50 sun kalla, 40 sun yaba, 4 sun ajiye kuɗi, lambarka 4 ce. Kashi 8 cikin ɗari.

15/ Lokacin tambayar ma yana canza amsa. Buƙatar inji tana tashi ne wajen Nuwamba, ana shirin dashe, lokacin da kuɗi ya tafi iri da taki. Kuɗin albasa kuma sai an cire ta, wajen Maris da Afrilu, kuma a lokacin ta fi araha. Mai hali ya zuba a rudu ya jira ta yi tsada. Gwajin da aka yi a wata ɗaya kawai zai iya ruɗin mutum ta kowane ɓangare.

16/ To, kashi 8 na 2,000, mutum 160. A dubu 600, naira miliyan 96. In ribarka kashi 15 ce, miliyan 14.4, kafin ka biya haya, mota da yaran shago. Daga 9,800 zuwa 160, an ragu sau sittin da ɗoriya. Sai dai a yi adalci: 9,800 ɗin na duk rayuwar kasuwar ne, 160 kuma na shekarar farko. In maƙwabta suka ga injin ya yi rani biyu bai mutu ba, kashi 8 zai motsa.

17/ Lissafin ƙasa ma yana da makantarsa, kada a ɗauke shi kamar yankan wuƙa. Ba ya ganin wanda bai da inji ko kaɗan, yana hayar na maƙwabci ko yana jiran a gama a ara masa. Ba ya ganin mai gyara injinsa da kansa. Shi ya sa nake son a gwada shi ta wata hanyar daban: a tambayi ƙungiyoyin masu amfani da ruwa da sarakunan noma faɗin filin da ake ba ruwa da inji, a raba da abin da inji ɗaya ke iya shayarwa. In ta fito kusa da 4,000, ka samu natsuwa. In ta fito dubu 12, koma wajen bakanikai, akwai garuruwan da ka tsallake.

18/ Ni a ganina ya kai wa masu jarin lambobin biyu. Ta sama ta nuna rufin da ba zai wuce ba, ta ƙasa ita zai yi odar kaya da ita. Mai jarin da ya san aikinsa 160 ɗin zai tsaya a kai, ya tambayi sunayen garuruwan.

19/ Masu hayar injin nan da lissafin ya tsallake su ne suka tsaya masa a rai. Yanzu yana tunanin kafa babban injin sola guda a tsakiyar gonaki goma ya riƙa sayar da ruwa duk ban ruwa, maimakon sayar da inji. Wannan kuma wata kasuwa ce daban, ƙidayarta daban: gonaki nawa ne ke kusa da juna har tiyo ɗaya ya kai musu. Ya ce da Lugu zai fara.